Mun Ga Ka Rubuto, To Sai Me?

'Yan'uwa marubuta, yau ƙara na kawo, kuma wadda nake ƙara ba mutum ba ce, jimla ce guda ɗaya da ta addabi takardun neman aiki a ƙasar nan: "Ina rubuto wannan takarda ne domin neman aiki a wannan ma'aikata mai albarka." Ko da Hausa aka rubuta ko da Turanci, ita ce dai, sai ka ce gadonta aka raba wa kowa.

Kwanakin baya aka sa ni cikin kwamitin tace takardu na wata makaranta mai zaman kanta a Dutsin-Ma, ana neman malamin aji 4 mutum ɗaya tak. Garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ai ba a rasa masu takardar shaida, don haka ambulan ya taru tuli guda. Muka zauna bayan la'asar mu uku. Kafin magariba na lura da abin da idona ke yi ba da izinina ba: ya daina karanta layin farko gaba ɗaya, sai ya tsallaka ƙasa yana laluben abin kamawa. In bai samu nan da nan ba, takarda ta koma gefe. Wataƙila a cikin waɗanda muka ture akwai malamin da ya fi kowa. Allah ya yafe mana, amma shi ma da nasa laifin.

Dubi abin da jimlar nan ke faɗa. Ta ce kana rubutu, alhali takardar na hannuna. Ta ce aiki kake nema, alhali kan takardar, wanda ka ja wa layi, ya riga ya faɗa. Ke nan wuri mafi tsada a shafin, inda idon mai karatu ke sauka tun bai gaji ba, ka cika shi da abin da ya sani. Kamar dillali ne ya jawo sa kasuwa, maimakon ya nuna haƙori da tozo, sai ya tsaya yana shelar cewa shi fa kasuwa ya zo.

Daga ina ta samo asali? Sashe daga aji ne, inda ake haddace siffar wasiƙa don cin jarrabawa, a fita da ita ba a sake waiwayarta ba. Sashe kuwa daga shagunan buga takardu, inda wasiƙa ɗaya ke kwance cikin kwamfuta, kowa ya zo a goge sunan na jiya a sa nasa. Mu ma marubuta ba mu kuɓuta ba, domin a unguwa mu ake kawo wa, a ce, "Malam, kai da ka iya rubutu, taimaka wa yaron nan," mu kuma mu zuba masa tsohuwar jimlar don mu huta.

Ga abin da nake ganin ya kamata, kuma da misali zan faɗe shi. 'Yar ƙanwata ce daga Kurfi ta kawo mini tata takardar, tana neman koyarwa a wata makarantar daban wadda ta yi cigiyar malamar da za ta koya wa ƙananan yara karatu. Ta buɗe da jimlar da muke ƙara, ta bi ta da cewa ita mai ƙwazo ce, mai haƙuri, mai riƙon amana. Na ce, "'Yata, wa kika taɓa jin ya rubuta cewa shi malalaci ne?" Ta yi dariya. Na ce ta rufe sunanta da yatsa, ta gaya mini ko akwai ɗaya cikin 'yan ajinsu da ba zai iya sa hannu a ƙarƙashin waɗannan layuka ba. Ta ce babu. To, awon ke nan: jimlar da kowa zai iya sa wa hannu ba taki ba ce.

Sai na ajiye biro na shiga tambaya. Me makarantar ta ce tana so? Mai koyar da karatu. Ke kin taɓa koyar da shi? Ta ce, "Kawu, ai koyarwar gwaji ce kawai." A ina? A wata firamare a Kurfi. Yara nawa? 64. Da kika je nawa ke iya karatu? Nan ta gyara zama, ta ce ta gwada su a makon farko, 11 ne suka iya karanta layi guda na Hausa. Ta yanka kwalin sabulu ta rubuta gaɓoɓi, ba, bi, bu, tana raba su rukuni-rukuni kowace safiya, kuma ranar da za ta tafi 30 suka karanta. Duk wannan yana cikin littafin shirin darasinta, amma ko kalma ɗaya bai shiga takardar ba, wai don kada a ce ta cika baki.

Ga yadda muka buɗe: "A zangon da na yi koyarwar gwaji a Kurfi na tarar da yara 11 cikin 64 ke iya karanta layi guda na Hausa, na bar 30 suna karantawa." Jimla ta biyu ta ce wannan aikin take so ta ci gaba da yi a aji 2 da suka yi cigiya, ta uku ta kawo takardar shaidar malanta. Lura, ba a ce tana da ƙwazo ba, an bar mai karatu ya faɗa da bakinsa. Kuma an ba shi abin tambaya ranar ganawa, tambayar da ta fi kowa sanin amsarta.

Na san masu ja. Na farko zai ce wannan rashin ladabi ne, Bahaushe ba ya faɗa wa babba magana ba sallama. Gaskiya ne, kuma ban ce a jefar da "Ranka ya daɗe" ko "Ranki ya daɗe" ba, suna da layinsu a sama. Amma wanda ya yi sallama aka amsa, ya sake sallama, ya kuma sakewa, ba ladabi yake yi ba, ɓata wa mai gida lokaci yake. Na biyu zai ce ai aiki yanzu sai mai uwa a gindin murhu. Sau da yawa haka ne, ba na musu. Sai dai mai uwar ba ya bukatar takarda mai kyau, kai marar ita ne ba ka da wani mai magana da yawunka sai shafin nan.

Amma a yi hattara, gudun gara kada a faɗa gidan zago. Na ga wanda ya buɗe da karin magana, na ga wanda ya buɗe da tambayar ko shugabar makaranta ta san ilimi gishirin zaman duniya ne. Ta sani. Na ga mai buɗewa da cewa shi maraya ne da ƙanne bakwai. Ya ba mu tausayi, amma yaran mutane za mu danƙa masa, tausayi kuwa ba ya koyar da lissafi. Mafi muni shi ne mai ƙara gishiri a adadi, domin tambaya biyu ke tona shi. Da 'yar ƙanwata ta ce ko mu mayar da 30 ɗin 45, littafinta na nuna mata, na ce da shi za ta shiga ganawa.

Wanda bai taɓa aiki ba fa? Ya duba da kyau. Wanda ya riƙe littafin kuɗin shagon yayansa shekara 3, ko ya koyar a Islamiyya da dare, ko ya yi noman rani a bakin Dam ɗin Zobe yana neman aikin malamin gona, duk yana da jimlar farko, bai dai ɗauke ta a bakin komai ba ne.

Ku kuma masu aiko wa mujallar nan rubutu, kada ku yi dariya. Ku tambayi edita wasiƙu nawa ke zuwa da "Ina rubuto wannan wasiƙa ne domin in aiko da gajeren labarina", ba tare da an ce labarin na wane ne ba, ko me ya same shi.