Kwanan hutu ba adashe ba ne

Ni malamin makaranta ne, kuma mutane sun saba yi mana ba'a cewa mu ne sarakunan hutu: da damina ta kama sai mu rufe aji mu tafi gona. Ban musa ba. Amma a cikin kowace lakwal akwai wanda ba ya tafiya ko'ina idan an rufe, shi ne mai gadi. Lokacin da muke hutawa aikinsa yake ƙaruwa, don gidan ya zama ba kowa sai shi da tebura da allo. Labarin ɗaya daga cikinsu ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Dattijo ne da ke gadin wata lakwal mai zaman kanta inda nake koyar da lissafi da maraice. Muna kiransa Baba. Ya kama aiki ranar 1 ga Oktoba 2020, ya ajiye a ƙarshen Janairu 2024 da ciwon gwiwa ya matsa masa. Wata 40 ke nan cif. Albashinsa jikka 60 a wata. A duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya ya tafi hutun shekara, wanda ma'aikata ke cewa konje, ya yi wata guda a ƙauye. Sauran shekarun, duk lokacin da na ce masa, "Baba, yaushe za ka huta?" sai ya yi dariya ya ce, "Malam, tarawa nake. Ranar da zan tafi su ba ni a dunƙule in sayi tumaki."

Ranar tafiyar ta zo, sai ya zo mini da roƙo in lissafa masa abin da yake bi.

Lissafin ba shi da wuya. Dokar ƙwadago ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi na hutu mai albashi a kan kowane wata da ya yi yana aiki. Wata 12 sun ba da kwana 30. A lura, kwanakin kalanda ne, wato har da Lahadin da ta faɗo a tsakiya, ba ranakun aiki zalla ba. Kuma wannan doka ta masu aiki a ƙarƙashin kwangila ce, kamar kamfanoni da shaguna da makarantu masu zaman kansu. Cikakkun ma'aikatan gwamnati suna da tasu dokar dabam.

To Baba ya yi wata 40, an ninka da biyu da rabi, ya tara kwana 100. Ya ci 30, saura 70. Jikka 60 a raba gida 30, kowace rana ta kama jikka 2. Kwana 70 sau jikka 2, jikka 140. Akwai wata hanya ta gwada ko an yi daidai: kwana biyu da rabi kashi ɗaya ne cikin 12 na wata, don haka kuɗin hutu kashi ɗaya ne cikin 12 na abin da mutum ya samu. Kwana 70 sun yi daidai da aikin wata 28, albashinsu jikka 1,680, a raba 12, sai ga jikka 140 ta sake fitowa. Na rubuta masa a takarda, ya naɗe ya sa a aljihu yana murna.

Bai samu jikka 140 ba. Jikka 80 ya samu, shi ma sai da aka je gaban sufeton ƙwadago aka yi sulhu.

Mai makarantar bai ce ba ya biya ba, don ya san doka ta wajabta: idan kwangila ta ƙare, ko mutum ne ya ajiye aiki ko sallamarsa aka yi, kwanakin da ya tara bai ci ba ana biyansa su da kuɗi. Abin da ya yi gardama a kai shi ne yawan kwanakin. Ya ce a shekara ta biyu ma Baba ya tafi gida lokacin huɗa. Baba ya ce ƙarya ne, kwana huɗu ya yi, kuma rasuwar matarsa ce ta kai shi. A nan gaskiya tana wajen Baba ta fuska biyu, domin izinin da ake ba ma'aikaci don wani lamari na iyalinsa, kamar haihuwa ko rasuwa, ba a cire shi daga hutun shekara muddin bai wuce iyakar da aka ƙayyade ba. Amma babu takarda ko ɗaya, ba a hannunsa ba, ba a hannun mai makarantar ba. Wata 16 na ƙarshe kowa ya tuna cewa bai motsa ba, sai aka tsaya a kansu: kwana 40, jikka 80. Shekara ta biyu ta zama maganar wane ya ce wane ya ce. Baba na iya wucewa kotun ma'aikata, amma dattijo mai ciwon gwiwa da ke son komawa ƙauye ba zai yi watanni yana zirga-zirga a kan jikka 60 ba. Ya karɓa ya tafi.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, kuskuren bai faru ranar sulhu ba. Ya faru tun ranar da Baba ya ɗauki hutunsa tamkar adashe, yana zubi yana jiran ɗauka. Kuma ni ma da laifina, don ina jin sa yana faɗa ina dariya.

Adashe yana da uwar adashe da shaidu, kowa ya san wanda ya zuba da wanda ya ɗauka. Kwanan hutu da aka ɗage da baki ba shi da shaida sai ƙwaƙwalwar mutum biyu, kuma ɗayansu shi ne zai fitar da kuɗin. Kullum shekara ta wuce, hujja tana ƙara raunana. Darakta ya canja, mai riƙe da kuɗi ya tafi, littafin da ake rubuta zuwa da tafiya ya ɓace, in ma an taɓa buɗe shi. Bayan haka, neman haƙƙin albashi a kotu yana da wa'adi a doka, ba abu ne da ake ajiyewa har abada ba. Sannan in wurin aikin ya karye, mai bin bashin kwana 70 zai shiga layi ne da sauran masu bin bashi.

Ita kanta doka ba ta ɗauki hutu a matsayin ajiyar kuɗi ba. Tun dokar ƙwadago ta 1952 ta zamanin Faransa, wadda dokokin ƙasashenmu suka gada, ƙa'idar ɗaya ce: ba a musanya hutu da kuɗi matuƙar mutum yana kan aiki, sai a lokacin rabuwa kawai. Yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1970, ta bi wannan hanya, har ta sa ma'auni ga ɗagewa: babban yankin hutun, aƙalla mako biyu a jere, a ci shi cikin shekara guda bayan shekarar da aka tara shi, ragowar kuma cikin wata 18. Manufar a fili take. Ɗagewa rangwame ne na ɗan lokaci don wata lalura, ba hanyar tara jari ba.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a majalisa. Mai jikka 60 da iyali goma ba hutu ne damuwarsa ba, hatsi ne. In aka ba shi zaɓi tsakanin wata guda a gida da ƙarin jikka 60, kuɗin zai ɗauka, kuma wane ne ni da zan hana shi? Maganar tana da nauyi. Amma a duba abin da zai biyo baya in an buɗe wannan ƙofa. Ranar da sayar da hutu ya halatta, mai aiki zai riƙa ɗaukar wanda ya yarda ya sayar, ya ƙi wanda ya ce zai huta. Cikin ƴan shekaru zaɓin ya zama dole, kuma albashin da ake tallatawa zai haɗiye kuɗin hutun, a koma gidan jiya ba hutu ba ƙari. Haramcin da ake gani kamar takura wa talaka shi ne ya hana a tilasta masa. Kuma kada a manta, wanda ya tafi hutu bai rasa ko dala ba: albashin watan yana nan, a hannu ake ba shi.

Masu ƙananan wurare su ma suna da tasu hujjar: mai gadi ɗaya gare ni, in ya tafi wa zai tsare gidan? Amsar tana cikin lissafin da muka yi a sama. Mai gadin jikka 60 a gaskiya jikka 65 yake ci a wata, don jikka 5 na taruwa a kansa kowane wata, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Wanda ya ware jikka 5 ɗin yana da abin biyan ɗan canji na wata guda a ƙarshen shekara. Wanda bai ware ba bai tsira ba, bashin yana girma a ɓoye, sai ranar rabuwa ya faɗo masa gaba ɗaya, daga nan kuma gardama ta tashi da mutumin da ya yi masa shekaru yana kwana a bakin ƙofa.

Abin da nake kira gare shi ƙarami ne. A kan takardar albashi ta kowane wata a sa layi ɗaya mai lamba uku: kwanakin da aka tara, waɗanda aka ci, waɗanda suka rage. Inda babu takardar albashi, littafin ɗan makaranta na dala ashirin ya isa, shafi ɗaya ga kowane ma'aikaci, ranar tafiya da ranar dawowa, da sa hannun mutum biyu ko dangwale. In lalura ta sa an ɗage hutu, a rubuta kwana nawa aka ɗage da watan da za a ci su, kowa ya riƙe kwafi. Izinin rasuwa ko suna a rubuta shi dabam da sunansa, don kada gobe a mai da shi konje. Wanda zai bar aiki kuma ya yi lissafinsa kafin ya sa hannu a takardar cewa an sallame shi da duk haƙƙinsa, kuma ya tuna cewa ba tsurar albashi kaɗai ake dubawa ba, har da ƙarin da ya saba samu a kan aikinsa cikin wata 12 na ƙarshe.

Mu malamai muna kiran suna kowace safiya, muna rubuta yaron da ya zo da wanda bai zo ba, ba ma yarda da "ai na tuna". Abin kunya ne a ce a gidan da ake riƙe da rajistar yara ɗari uku an kasa riƙe shafi ɗaya na dattijon da ke buɗe musu ƙofa. Sabon mai gadin da aka ɗauka na saya masa littafi, na ja masa layi uku. Watansa na tara ke nan, yana da kwana 22 da rabi, kuma mun riga mun rubuta watan da zai tafi.