Tafiya Da Layin Gida: A Yi Lissafi Kafin A Tsallaka Iyaka

Jama'a, yau maganarmu a kan wayar hannu ce, da abin da yakan sami kuɗin mutum idan ya tsallaka iyakar ƙasa da layinsa na gida. 'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun ba baƙin tafiya ba ne. Wani yau yana Kwatano wajen saro kaya, wani gobe yana Ankara, wani kuwa ya nufi Makka aikin Umra. Da yawansu sukan dawo da kuka iri ɗaya, watau sun sa kati mai yawa kafin su tashi, ba su kira kowa ba, amma kafin rana ta faɗi kuɗin ya ƙare ƙaf. Ba aljanu ne suka sha ba. Akwai dalili, kuma akwai magani.

Bari mu fara daga tushe. Idan ka fita ƙasar waje, kamfaninka ba shi da turakun sadarwa a can. Saboda haka wayarka sai ta hau kan turakun wani kamfani na ƙasar da ka sauka, shi kuwa wannan kamfani ya aika wa naka da takardar bashi, naka kuma ya ɗora ribarsa ya cire daga aljihunka. Wannan shi ake kira romin. Datar wata da ka saya a gida galibi ba ta binka, tana nan tana jiranka a Nijeriya. Har amsa kira, wanda kyauta ne a gida, a can yawanci da kuɗinsa.

To, hanyoyin biya manya guda biyu ne, kuma kowa ya san irinsu a tashar mota. Ta farko ita ce biya gwargwadon ci: kowane minti da kuɗinsa, kowane saƙo da kuɗinsa, kowace megabayit ta data da kuɗinta, kamar mai shiga tasi yana biya a kowace sauka. Ta biyu ita ce tikitin yini, wanda ya yi daidai da ɗaukar shatar mota. Ka biya kuɗi tsayayye na yini guda, sa'an nan ka yi amfani da mintocinka da datarka na gida, ko wani kaso da aka yanka maka, kamar kana gida. Mai shata ko ya zaga gari duka, ko ya je ƙofar gida kawai ya dawo, kuɗin yini ya kama shi.

Ra'ayina shi ne, a cikin biyun nan babu mai araha a kullum, babu mai tsada a kullum. Lissafi ɗaya ne ke raba gardama, kuma ɗan firamare ma zai iya yinsa: ka raba kuɗin tikitin yini da kuɗin megabayit ɗaya. Abin da ya fito shi ne iyakarka. Idan abin da kake ci a yini ya haura wannan iyaka, tikiti ya fi. Idan bai kai ba, biya gwargwadon ci ya fi.

Mu ɗauki misali daga Amirka, inda wannan tsari ya yi ƙarfi. Kamfanin AT&T ya fito da nasa tikitin, mai suna International Day Pass, a 2017 a kan dala 10, a 2024 kuma ya ɗaga shi zuwa dala 12. A wannan lokaci, wanda ba shi da tikiti ana cajinsa dala 2.05 a kowace megabayit a yawancin ƙasashe. Raba 12 da 2.05, za ka sami abin da bai cika megabayit 6 ba. Hotuna biyu ko uku masu kyau sun isa su cinye wannan.

Yanzu a ce mutum biyu sun yi tafiyar kwana 7 da irin wannan layi. Na farko mai son ganin iyalinsa ne, kullum sai ya yi kiran bidiyo na minti 10. Irin wannan kira yakan ci kimanin megabayit 5 a minti, watau 50 a yini. Idan gwargwadon ci ne, dala 102.50 ke nan a yini guda, a mako kuwa dala 717.50. Da tikiti, dala 84 kacal zai biya. Na biyu dattijo ne wanda ba ya komai sai ya kunna data, ya aika rubutaccen saƙo cewa ya kwana lafiya, ya kashe. A ce yana cin megabayit 1 a yini. Gwargwadon ci, makonsa duka dala 14.35 ne. Da tikiti kuwa, wannan ɗan saƙo shi zai buɗe shatar yini, shi ma ya biya dala 84. Kun ga abin da ya ceci na farko shi ya cuci na biyu.

Amma fa akwai wani mai ci na uku da ba a sa shi a lissafi, ita ce wayar kanta. Wayar zamani ba ta jiran izininka. Tana cikin aljihu tana sabunta manhajoji, tana sauko da hotuna da bidiyon da aka zuba a zaurukan WhatsApp, tana ajiye hotunanka a intanet. Ga mai biya gwargwadon ci, wannan ita ce ɓarakar da ke shanye kati cikin awa guda. Ga mai tikiti, ita ce ke buɗe sabon yini alhali yana barci, ya wayi gari an cire masa kuɗin ranar da bai taɓa wayar ba. Alamar gane wannan mai sauƙi ce: saƙon cire kuɗi zai zo a lokacin da ba ka kira kowa ba. Maganinsa kuwa, tun kana filin jirgin sama ko tashar mota ka shiga saitin waya ka kashe abin da aka rubuta Data Roaming, kada ka kunna sai ka yanke shawarar biya. Shigowar rubutaccen saƙo a yawancin layuka kyauta ne, saboda haka lambar sirrin da banki ke aikowa za ta iso maka ko data tana kashe.

Ko tsallaka iyakar ma ba dole ba ne kafin wannan ya same ka. Igiyar sadarwa ba ta san shingen kwastan ba. Mutum yana Seme ko Idiroko, ko yana Illela daura da Birnin Ƙonni, wayarsa tana iya sakin turken gida ta kama na maƙwabta. Ka duba sunan kamfanin da ke saman allon wayarka. In ka ga baƙon suna, to, kana romin. Masu zama ko ciniki a bakin iyaka su shiga saiti su zaɓi kamfaninsu da hannu, kada su bar wa waya zaɓi.

Sa'an nan kafin ka sayi tikiti, akwai tambayoyi uku da ya kamata ka yi wa kamfani. Ta farko, mene ne yini a wurinsu? Wasu, kamar AT&T da Verizon, awa 24 suke ƙirgawa daga lokacin da ka fara amfani. Wasu kuwa yininsu yana ƙarewa da sha biyun dare, ko da ƙarfe goman dare ka fara, watau ka biya yini ka ci awa biyu. A nan ma sai ka tambaya, da agogon wace ƙasa? Ta biyu, ina iyakar kason da aka ba ka? Kalmar "ba iyaka" sau da yawa tana da iyaka a ƙananan rubutu, inda za a rage gudun datar bayan ka ci wani adadi. Ta uku, wadda ta fi duka haɗari, me zai faru idan kason ya ƙare? A wasu tsare-tsare data tsayawa take yi. A wasu kuwa sai a mayar da kai kan biya gwargwadon ci ba sallama, ka ci gaba da kallon bidiyo kana zaton kana cikin shata, ashe mita ce ke gudu.

Na san masu kamfanoni za su ce ai duk wannan yana rubuce a sharuɗɗansu, kuma su ma biyan kamfanonin waje suke yi da kuɗin ƙetare. Gaskiya ne, ba wanda ya ce su yi aikin banza. Amma rubutun da aka ɓoye a shafi na goma cikin Turancin lauyoyi, me ya amfana wa mai sayen shanu ko mai saro atamfa? Wasu ƙasashe sun riga sun nuna hanya. Tarayyar Turai tun 2010 ta wajabta wa kamfanoni su gargaɗi matafiyi idan ya ci kashi 80 cikin 100 na iyakar da aka sa, su kuma tsayar da data idan kuɗin ya kai Yuro 50, sai in shi da kansa ya ce a ci gaba. A ranar 15 ga Yuni 2017 kuma ta soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashenta. A nan yankinmu, ƙungiyar ECOWAS ta zartar da ƙa'idar romin a Disamba 2017, wadda ta tanadi amsa kira kyauta har kwana 30, amma sai a 2023 Gana da Kwaddibuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu. Shekara shida ke nan tsakanin takarda da aiki.

Saboda haka kiranmu ga Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, shi ne ta tsaya tsayin daka a kan abubuwa biyu. Na ɗaya, duk wanda wayarsa ta hau turken waje ya sami saƙo nan take mai faɗin kuɗin minti, da na amsa kira, da na megabayit, da na tikiti in akwai, cikin harshen da ya zaɓa, har da Hausa. Na biyu, idan kason da mutum ya saya ya ƙare, data ta tsaya cik, kada a taɓa katinsa sai ya amince.

Kafin hakan ta tabbata, mai tafiya ya kare kansa. In tafiyar kwana ɗaya ce ko biyu kuma kana bukatar data sosai, ɗauki tikiti. In saƙon banki da gaisuwar gida kawai kake so, kashe data ka biya gwargwadon ci, sauran ka jira Wi-Fi na masauki. In kuwa zama ne na makonni, kamar aikin Hajji, tikiti sau talatin ba ƙaramin kuɗi ba ne, gara ka sayi layin ƙasar da ka je don data da kira, ka bar na gida a wayar don saƙon banki. Duk wanda ka zaɓa, ka yi rabawar nan tun kana gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.