Ra'ayinmu: Kuɗin Zangon da Ba a Koyar Ba, Bashi Ne

A nan Aliero kowa ya san hukuncin manomin da ya karɓi kuɗin ɗan kasuwa tun albasa tana gona. Kuɗin suna hannunsa, amma ba su zama nasa ba sai ranar da ya miƙa buhunan. Abin mamaki, mu malamai da muke koyar da lissafi mukan manta da wannan ƙa'ida idan aka zo kan kuɗin makaranta.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati kyauta ce, don haka ba su muke nufi ba. Muna magana ne a kan makarantun kuɗi da na Islamiyya da ke Aliero da Jega da Maiyama, inda 'yan'uwanmu da yawa suke koyarwa, wasu ma suke riƙe da littafin kuɗi. Matsayinmu shi ne: abin da uba ya biya a farkon zango bashi ne a kan makaranta, kuma da koyarwa ake biyan sa, mako bayan mako.

Mu ɗauki misali. Makaranta tana da ɗalibai 200, kowanne ya biya naira 13,000, zangon kuma mako 13 ne. An tara naira 2,600,000 ke nan, kuma kowane mako da aka koyar makaranta ta cancanci naira 200,000. Ranar da aka karɓi kuɗin, sai ma'aji ya rubuta su wuri biyu: shafin abin da ke cikin asusu, da shafin bashin da iyaye ke bin makaranta. Kowane ƙarshen mako ya cire 200,000 daga shafin bashi, ya mayar shafin kuɗin shiga. Bayan mako 4, haƙƙin makaranta naira 800,000 ne kawai, sauran 1,800,000 kuwa har yanzu amanar iyaye ce.

To, a ce mai makarantar ya ga asusu cike ya ɗauka riba ce, ya zuba 1,500,000 a ginin sababbin azuzuwa tun makon farko. Saura 1,100,000. Idan albashi da sauran hidimomi suna cin 600,000 a wata, ƙarshen watan farko 500,000 za su rage, alhali akwai karatun 1,800,000 da ba a yi ba. Wata na biyu albashi ba zai cika ba, na uku kuwa sai dai haƙuri. Ba a saci ko kwabo ba, amma malami ne zai koma gida hannu rabbana. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ana gane wannan cuta da alamu biyu. Ta farko, albashi yana fita a kan kari a farkon zango, sannan ya riƙa jinkiri a ƙarshensa. Ta biyu, makaranta ta fara roƙon iyaye su biya kuɗin zango mai zuwa tun kafin hutu, har da rangwame. Wannan biyan bashi da bashi ne, kuma yana tafiya ne kawai muddin ba a sami tsaiko ba. Mun ga tsaikon a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan na tsawon watanni. Makarantar da ke rayuwa a kan kuɗin gobe, da zarar goben ta ƙi zuwa, ba ta da abin ba malami, ba ta da abin mayar wa uba.

Ƙa'idar tana da iyaka. Kuɗin littattafai da na kayan makaranta suna zama na makaranta ranar da aka miƙa wa yaro kayan. Kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO kuwa ba sa zama nata ko kaɗan, saƙo ne aka ba ta ta isar. Haka nan, makarantar da ke rufe lissafinta a 31 ga Disamba kada ta haɗa kuɗin zango na biyu da aka biya a Disamba cikin ribar shekarar, domin na Janairu ne.

Ba mu ce kada a taɓa kuɗin ba, ko kada a yi gini. Cewa muka yi a yi ginin da rarar zangon da aka kammala. Muna kira ga kowane memba da ke shugabantar irin wannan makaranta, ko yake cikin kwamitin iyaye da malamai, ya nemi a buɗe shafin bashin nan kafin a yanke rasit na farko. A kuma rubuta a takardar shiga nawa za a mayar idan yaro ya bar makaranta a tsakiyar zango; a misalinmu, wanda ya tafi bayan mako 5 yana da sauran naira 8,000. Sannan a taron ƙarshen wata a karanta lambobi biyu a gaban kowa: abin da ke asusu, da kuɗin makonnin da suka rage. Idan ta farko ta gaza ta biyu da nisa, a dakatar da duk wani gini har sai an biya malamai.