Wane tudu za mu koma?

Duk shekara, da damina ta kankama, hukumomin ba da agajin gaggawa kan saki gargaɗi ga mazauna bakin kogi, kuma kusan kullum da kalmomi huɗu na Turanci ake rufe shi: "Move to higher ground". Kafin yamma an mayar da shi Hausa, an ce "A koma kan tudu", an karanta a rediyo, an liƙa a allo, kowa ya kama gabansa da tunanin ya sauke nauyi. Ni kuwa a wurina ba a sauke komai ba. An dai juya kalmomi daga wannan harshe zuwa wancan, saƙon kuma ya faɗi a hanya, kuma wannan sakaci yana ƙona mini rai, domin rai da dukiya ake sakaci da su.

Mutumin Auyo ko na Guri ya raba ƙasa gida biyu tun kaka da kakanni: akwai fadama, akwai tudu. Shinkafarsa tana fadama, geronsa yana gonar tudu, gidansa ma a kan tudu kakansa ya kafa shi. Idan ka ce masa ya koma tudu, zai duba ƙofar gidansa ya ce ai a tudun yake. Ba taurin kai ya yi ba, da Hausar da ya sani ya fahimce ka. Turancin kwatantawa yake yi, yana nufin wurin da ya fi inda kake yanzu bisa, ko da kuwa inda kake ɗin ma tudu ne. Hausar da aka ba shi ta zubar da wannan kwatanci gaba ɗaya. Ga kuma "koma", wadda kunnen manomi kan iya ji a matsayin ƙaura ta dindindin, wato ya bar gona da kushewar iyaye, alhali ana nufin tashin 'yan makonni ne. Sannan babu lokaci a cikin taken. Yau za a tashi, ko sai ruwa ya taɓa katanga?

Bayan ambaliyar 2020 da ta 2022, sai ka ji masu kwandishan suna cewa an gargaɗi mutane sun ƙi ji. Wa ya taɓa zuwa ya tambaye su abin da suka ji?

Abin takaicin shi ne hanyar gwada take ba ɓoyayya ba ce, kuma ba ta cin kuɗin man janareta na kwana ɗaya. Da farko ana rubuta aikin da ake son mutum ya yi a jimla ɗaya doguwa, ba tare da ado ba: wanda gidansa ke kusa da jinga ya fitar da yara, tsofaffi, hatsi da dabbobi zuwa wuri kaza kafin ruwan ya iso. Daga wannan jimla ake sassaƙo taken Hausa daban, na Turanci daban. Ba a sassaƙo ɗaya daga ɗaya. Sai a miƙa na Hausar ga wani mai harsunan biyu da bai taɓa ganin na Turancin ba, ya mayar da shi Turanci, a ajiye su gefe da gefe a ga abin da ya ɓace da abin da ya ƙaru. Da an yi wa "A koma kan tudu" wannan gwaji, da nan take an ga kwatancin ya salwanta.

Amma babban gwajin yana waje, ba a ofis ba. A ɗauki taken a je kasuwar kifi ta Haɗeja, a je tasha, a shiga gida wurin mata, a karanta shi da baki sau ɗaya tak, kamar yadda mai shela zai yi. Kada a tambayi mutum "Ka gane?", domin ladabi zai sa ya ce ya gane. A tambaye shi: "Baba, da ka ji wannan a rediyo, me za ka yi gobe da safe?" Idan cikin mutum goma uku suka ba da amsar da ba ita ake nema ba, taken ya faɗi, a sake shi. Ma'anar take iri ɗaya ce a harsuna biyu idan mai jin Hausa da mai jin Turanci suka tashi suka yi aiki iri ɗaya, ba idan ƙamus ya yarda ba. Kuma a Guri, Kiri Kasamma da Birniwa dole a saka Badawa, Mangawa da Fulani cikin waɗanda za a tambaya, tunda da yawansu Hausa harshe na biyu ne a wurinsu.

To, me za a faɗa? Kogin Haɗeja ba ya zuwa kwatsam. Idan madatsun Tiga da Challawa suka tumbatsa, ruwan sai ya bi ta Wudil da Ringim, ya ɗauki kwanaki kafin ya iso mana, ya tarar da kachalla ta toshe masa hanya ya fantsama cikin gari. Wannan tazara ita ce ya kamata take ya riƙe. A gwada "Ruwa na tafe, a tashi", za a ga ya gaza, domin ruwa a bakin manomi ruwan sama ne, albishir ne. A gyara: "Kogi ya cika a Ringim, a kwashe yara da hatsi." Yanzu akwai alama, akwai aiki, kuma "a kwashe" ta haɗa mace da namiji. Abin da ya rage shi ne inda za a nufa, wannan kuwa ba ya shiga take guda na jiha baki ɗaya. Kowane gari sai an ambaci nasa wurin da suna, makaranta ce ko filin idi, dagaci da masu unguwa su ne za su faɗa. Ba na cewa nawa taken ya kammalu. Shi ma sai ya je kasuwa an gwada shi.

Masu kwaso taken ƙasashen waje su ma su ji. Hukumar yanayi ta Amurka tana da "Turn Around Don't Drown" tun 2003, kuma ƙarfinsa yana cikin amon kalmominsa. Ka ce "Juya, kada ka nutse", amon ya tafi, "ka" ta bar mata a baya, kuma direban mota aka fi nufa da shi tun asali. Namu mutanen a ƙafa suke ratsa ruwa, ko a kwale-kwalen da aka cika fiye da ƙima. Abin ɗauka a wurin Amurkawa shi ne awon: ruwa mai gudu na santimita 15 yana iya kayar da babban mutum. Da Hausa wannan idon sawu ne. "Ruwa mai gudu, ko idon sawu ne, a juya." Tsohuwar da ba ta san santimita ba ta san idon sawunta.

Mun riga mun ga abin da mummunar fassara ke jawowa. Shekaru aka kwashe ana cewa "ƙayyade iyali", mutane suna jin an zo a yanke musu yawan 'ya'ya, suna juya baya, kafin ma'aikatan lafiya su koma ga "tazarar haihuwa". Ambaliya ba za ta ba mu irin waɗannan shekaru ba.

Saboda haka ina kira ga ƙananan hukumomin masarautar Haɗeja guda 8 da duk ƙungiyar da ke buga allon gargaɗi: kada a sake biyan ɗan kwangila ko sisi sai ya kawo takarda mai nuna wanda ya mayar da taken Turanci, garuruwan da aka karanta shi, da amsar da mutane suka bayar. A yi wannan tun watan Mayu, kafin kogi ya motsa. A kuma duba allon kafin a kafa shi, domin har yau akwai masu buga takardu da ke cire lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, su mayar da "ƙafa" ta zama "kafa", mai karatu ya tsaya yana lalube a lokacin da ya kamata yana ɗaure kaya.