LISSAFIN ALJIHU: Farashi biyu, wanne ya fi sauƙi?

Yau da labarin wani yarona zan fara, ɗan yayata da ke aji biyu na babbar sakandare a nan Dabai. Da zafi ya matso, mahaifiyarsa ta tara kuɗin adashinta ta ce a sayo mata fanka mai tsayawa. An yi dace zan je Birnin Kebbi, sai na tafi da shi don ya ga gari.

A kantin farko mun ga fankar da muke so, an manna mata takarda an rubuta ₦40,000, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an sa +VAT. A kanti na biyu muka ga irinta sak, kamfani ɗaya, girma ɗaya, amma takardarta ta ce ₦42,500, a ƙasa an rubuta VAT inclusive. Yaron bai tsaya wata-wata ba ya ce, "Kawu, mu koma na farko, akwai rarar dubu biyu da ɗari biyar." Na ce masa, "To, mu je." Na bar shi ya kai fankar wurin mai karɓar kuɗi da kansa. Na'ura ta buga, aka ce ya kawo ₦43,000. Ya juyo ya kalle ni kamar an yi masa sata. Ba wanda ya cuce shi. Bai karanta takardar har ƙarshe ba ne kawai. Muka ba da haƙuri, muka koma kanti na biyu, inda abin da aka rubuta shi aka biya, muka tsira da ₦500.

Haruffan nan uku, VAT, sunan wani haraji ne da gwamnati ke ɗorawa a kan kayan da aka saya da ayyukan da aka biya. A Hausa muna iya ce masa harajin sayen kaya. Mai saye ne ke biya, mai kanti kuma karɓa kawai yake yi a madadin gwamnati, daga baya ya miƙa wa hukumar haraji ta ƙasa. An fara karɓarsa a Najeriya a shekarar 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari. Daga 1 ga Fabrairu, 2020, ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, kuma sabuwar dokar haraji ta 2025 ta bar shi a haka. Ga hanya mai sauƙin riƙewa: a kan kowace naira dubu ɗaya, harajin naira 75 ne.

To, harajin ɗaya ne a duk kantunan biyu. Bambancin yana wurin rubuta farashi. Wani mai kanti yana haɗa kuɗin kaya da haraji ya rubuta jimla ɗaya, abin da ka gani shi za ka biya. Irin wannan takarda ce ke ɗauke da VAT inclusive. Wani kuma yana rubuta kuɗin kayan zalla, sai ka zo biya a ɗora harajin. Alamarsa ita ce +VAT ko VAT exclusive. Saboda haka idan ka ga farashi biyu, kada ka gwada su sai ka tabbatar ma'auninsu ɗaya ne. Wanda ya saba zuwa kasuwar hatsi a Zuru ya san ba a cewa wannan dawa ta fi waccan araha sai an duba ko da mudu ɗaya aka auna su.

Bari mu yi lissafin fankar da ka, ba tare da na'ura ba. Kashi 10 cikin ɗari na 40,000 shi ne 4,000. Rabinsa, wato kashi 5, shi ne 2,000. Rabin wannan kuma, kashi 2.5, shi ne 1,000. Haɗa kashi 5 da kashi 2.5, ka sami kashi 7.5, wato 3,000. Farashin gaskiya na kantin farko ke nan 43,000. Mai kalkuleta a hannu zai iya yi da bugu ɗaya:

```
40000 × 1.075 = 43000
```

Yanzu ma'auni ya zama ɗaya: 43,000 a can, 42,500 a nan. Wanda ya yi kama da mai tsada shi ne mai sauƙi.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa, a kanti da kuma a jarrabawa, shi ne komawa baya. A ce an ba ka jimla, 43,000, an ce akwai haraji a ciki, fitar da shi. Yawancinku za su ɗauki kashi 7.5 na 43,000 su sami 3,225, su cire, su ce kuɗin fanka 39,775 ne. Amma ai mun san 40,000 ne, da idonmu muka gani. Ina 225 ta shiga? Kuskuren shi ne an lissafa harajin tun farko a kan kuɗin kaya, ba a kan jimla ba. Jimlar ta riga ta kumbura da haraji, ta zama kashi 107.5 cikin ɗari na kuɗin kayan. Idan ka ɗauki kashi 7.5 nata, ka sa wa harajin kansa haraji ke nan. Tunda ninkawa aka yi wajen zuwa, rabawa za a yi wajen komawa:

```
43000 ÷ 1.075 = 40000
43000 − 40000 = 3000
```

Akwai wata gajeriyar hanya da nake koya wa 'yan ajina. Ka ɗauka an kasa jimlar gida 43. Gida 40 na mai kaya ne, gida 3 na gwamnati. Raba 43,000 gida 43, kowane gida 1,000, uku daga ciki 3,000. Wannan dabara tana aiki a kan kowace jimla muddin harajin kashi 7.5 ne. Idan kuma kana shakkar amsarka, gwada ta: ɗauki kuɗin kayan da ka samu, ɗora masa haraji, ka ga ko zai mayar da kai jimlar da ka fara da ita. Gwada da 39,775, za ka ga bai kai 43,000 ba.

Wani zai ce, "Malam, mu a Dabai ina muka ga kanti mai na'ura? A kasuwa ciniki ake yi." Gaskiya ne, mai tumatir ba zai ce ka ƙara masa haraji ba. Kayan abinci na yau da kullum, magunguna da littattafan karatu ba a ɗora wa mai saye wannan haraji a kansu, kuma doka ba ta ɗora wa ƙananan 'yan kasuwa nauyin karɓarsa ba. Amma duk da haka nau'o'in farashin nan biyu suna shigowa gidajenku.

Duba saƙon banki a wayar babanka ko yayarka. A jadawalin da Babban Bankin Najeriya ya fitar na 2020, kuɗin tura abin da bai kai ₦5,000 ba naira 10 ne. Amma abin da aka riƙa gani an cire a lokacin shi ne ₦10.75. Wannan kwabo 75 ɗin haraji ne da aka ɗora daga baya. Haka naira 50 ta manyan kuɗi ke zama ₦53.75. Wannan shi ne nau'in kantin farko. Sai kuma gidan da ke da mitar wuta ta kati. Idan aka sayi wutar ₦5,000, dubu biyar ɗin ake biya ba ƙari, amma harajin yana cikinta. Raba 5,000 da 1.075, za ka ga kusan ₦4,651 ce ta sayi wuta, kusan ₦349 ta tafi haraji, idan babu tsohon bashi da ake cirewa. Wannan shi ne nau'in kanti na biyu. Shi ya sa wanda ya raba 5,000 kai tsaye da kuɗin yunit ɗaya yake ganin kamar an rage masa wuta.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Idan ka tsallaka iyaka ta Kamba ka shiga Jamhuriyar Nijar, harajin sunansa TVA, kuma a kan yawancin kaya kashi 19 cikin ɗari ne. A takardun ciniki za ka ga HT, ma'ana ba a sa haraji ba tukuna, ko TTC, ma'ana an haɗa komai. Kayan sefa 10,000 HT zai zama sefa 11,900 TTC. Ka ga a can rashin karanta haruffa biyu ya fi ciwo. A Birtaniya farashin da ke jikin kaya a kanti ya riga ya haɗa da haraji. A yawancin jihohin Amurka kuwa sai an zo biya ake ɗorawa, kuma adadin ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Abu na ƙarshe shi ne rasit. Kada ka dunƙule shi ka jefar a ƙofar kanti. Rasit mai kyau yana nuna kuɗin kaya, wani lokaci da sunan Subtotal, sai layin VAT, sai Total. Ka duba abu biyu. Na farko, layin haraji ya zama naira 75 a kan kowace dubu ta kuɗin kayan da harajin ya shafa. Na biyu, idan takardar jikin kaya ta ce an haɗa haraji, to jimlar ƙasa dole ta yi daidai da ita. Da a ce kanti na biyu ya sake ɗora kashi 7.5 a kan 42,500, da an nemi mu biya ₦45,687.50, an karɓi haraji sau biyu ke nan. Idan ka ga haka, koma da rasit da ladabi ka nuna. Idan kuma takardar ba ta faɗi komai ba, tambayi mai kanti kafin ka ɗauki kaya: "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin har da haraji, ko za a ƙara?" Tambaya ba ta cin ko kwabo, kuma ta fi tsayawa a gaban layi kana laluben aljihu, musamman in kuɗin aike ne aka ƙirga maka daidai.

Ga aikin wannan mako. Na ɗaya: rediyo a wani kanti ₦18,000 +VAT, a wani kuma ₦19,200 VAT inclusive. Wanne ya fi sauƙi, kuma da nawa? Na biyu: an biya ₦8,600 kuɗin takalmi har da haraji. Nawa ne kuɗin takalmin, nawa ne na gwamnati? Ku yi na biyun da dabarar gida 43, sannan ku gwada amsar. Ku rubuto da sunanku da ajinku da makarantarku. Amsa tana tafe mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.