Kafin Mu Tura Bidiyo, Mu Ƙirga Sakan Nawa Ne

A wannan fitowar, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta mun ɗauko batun bidiyon da na'ura ke haɗawa daga rubutu. Mutum ya rubuta jimla biyu ko uku a manhaja, misali ya ce yana son doki yana sukuwa a fili, bayan ɗan lokaci sai ga bidiyon doki ya fito, alhali babu dokin, babu filin, babu wanda ya riƙe kyamara. Ra'ayinmu shi ne: wannan fasaha ta ƙware wajen yin guntun bidiyo na 'yan sakan, amma har yanzu tana tuntuɓe idan aka ce ta yi dogo a ɗauka ɗaya. Wanda ya san wannan iyaka, da wuya a yi masa rufa-ido.

Mu fara da abin da take iyawa, domin raina ta kuskure ne. A watan Maris na 2023 an yi ta dariya a duniya kan wani bidiyon na'ura da ya nuna ɗan wasan Amurka Will Smith yana cin taliya, fuskarsa na narkewa kamar kitse a wuta. Shekara ɗaya ba ta cika ba, a Fabrairun 2024, kamfanin OpenAI ya nuna manhajarsa Sora, ya ce tana iya bidiyon da ya kai minti 1. Amma da aka sake ta ga jama'a a Disamban 2024, iyakarta sakan 20 ne. A Mayun 2025 Google ya fito da Veo 3, wadda ke haɗa hoto da sauti tare, har da maganar mutane da hayaniyar wuri, amma kowane guntu sakan 8 ne. Kling ta ƙasar Sin kuwa a lokacin an fi saninta da guntaye na sakan 5 ko 10. Wato hoton ya yi kyau ƙwarai cikin shekara biyu, tsawon ne bai yi nisa ba.

Me ya sa? Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna da ake jerawa da sauri. A fim, hoto 24 ne ke wucewa a kowane sakan, don haka guntun sakan 8 hotuna 192 ne. Na'urar tana farawa ne da wani dishi-dishi irin na talabijin da ta rasa tasha, sai ta yi ta goge shi kaɗan-kaɗan har siffar da aka nema ta bayyana. Tana wannan aiki tana kwatanta sassan hotunan da juna, don kada rigar da take fara a hoto na 1 ta koma shuɗiya a hoto na 150. Nan ne lissafi ke yin nauyi. Ku tuna da musabaha: idan ɗalibai 10 za su gaisa, kowa da kowa, musabaha 45 za a yi. Idan suka zama 20, ba 90 ba ce, 190 ce. Haka aikin na'urar yake: a ninka tsawon bidiyo sau biyu, aikin kwatantawar ya kusa ninkuwa sau huɗu. Kuma kowane aiki wutar lantarki ne da kuɗi, shi ya sa kamfanonin ke yanka wa kowa ɗan guntu.

To, mu gwada misali na gida. A ce ƙungiyarmu tana son bidiyon minti 2 na Hawan Sallah a Katsina, kuma manhajar sakan 8 muke da ita. Minti 2 sakan 120 ne, a raba da 8, guntaye 15 ke nan. A guntu na farko mun nemi mahayi a kan farin doki, da jan rawani da alkyabba. Ya fito da kyau. A guntu na biyu mun nemi mahayin nan ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Matsalar ita ce na'urar ba ta ajiye mahayin farko a wani ɗaki don ta sake kiransa ba, sabon zane take yi daga rubutu. Sai ka ga gemu ya ƙaru, naɗin rawani ya sauya, dokin ya sami baƙin tabo a goshi. Akwai dabarar da ake yi: a ba ta hoton ƙarshe na guntun farko ta ɗora a kansa. Wannan yana taimakawa, amma ya yi kama da ɗalibin da ya kwafi darasi daga littafin wanda shi ma kwafa ya yi. Kuskure kaɗan a kowane hannu, kafin a kai guntu na goma, mahayin ya zama wani mutum dabam.

Ba zato muke yi ba. A 2024 wasu masu shirya fim na ƙasar Kanada da ake kira shy kids sun yi amfani da Sora suka yi ɗan fim mai suna Air Head, na wani mutum mai balan-balan a maimakon kai. Fim ɗin bai kai minti 2 ba. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya bayyana cewa abin da suka sa na'urar ta haɗa ya ninka abin da suka yi amfani da shi kusan sau 300, kuma sai da suka riƙa gyara launin balan-balan ɗin da hannu, domin wani lokaci ja yake fitowa a maimakon ruwan ɗorawa. Idan ƙwararru sun sha wannan wahala a kan balan-balan guda, ku ƙiyasta dawakai 50 da dogarai da masu algaita.

Iyaka ta biyu ita ce na'urar ba ta san yadda duniya take aiki ba, kamannin abubuwa kawai ta koya daga ɗimbin bidiyon da aka nuna mata. Shi kansa OpenAI ya faɗa tun farko cewa Sora na iya nuna mutum ya gatsi biskit, amma biskit ɗin ya kasance babu gurbin haƙori, kuma takan rikita dama da hagu. A bidiyon hawanmu, wannan yana nufin ƙafafun dawakai su sarƙe su zama biyar, ko ƙura ta tashi kafin kofato ya taɓa ƙasa, ko yaron da doki ya gitta ta gabansa ya ɓace gaba ɗaya bayan dokin ya wuce. Sannan bidiyon ƙasar Hausa da ta gani bai kai na wasu ƙasashe yawa ba, sai ta cike giɓin da abin da ta fi sani. Kana iya neman Ƙofar Soro ta ba ka ginin da ya fi kama da na Maroko, ka nemi kakaki ta ba ka ƙahon 'yan faretin Turai. Baƙo ba zai lura ba. Ɗan Tafashiya da ya taɓa zuwa kallon hawa zai lura, kuma wannan sanin gida makami ne da ke hannunmu.

Me ya sa muka damu har muka liƙa wannan a bango? Domin a jiharmu bidiyo ba abin wasa ba ne. Kowa ya san halin tsaro da ake ciki a sassan Katsina. A ce ranar kasuwa wani ya turo bidiyon sakan 8 a WhatsApp, ga babura, ga hayaƙi, ga mutane na gudu, an rubuta a ƙasa cewa a hanyar Kankiya ne yanzu-yanzu. Sakan 8 ya yi wa fim kaɗan, amma ya isa ya watsa kasuwa, ya sa uwa ta fito neman ɗanta babu mayafi, ya sa a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Mai ƙarya ba ya buƙatar minti 2.

Ga abin da muke ba da shawara idan irinsa ya shigo wayar gidanku. Da farko ku ƙirga: sakan nawa kyamara ta yi ba tare da an yanke ba? Idan bidiyon gajere ne ƙwarai, ko kuma dogo ne amma duk bayan sakan 5 zuwa 10 sai wuri ya sauya, ku ƙara sa ido. Na biyu, ku sake kallo, wannan karon ku bar mutumin da ke gaba, ku zaɓi abu ɗaya a baya, kamar babur ko bishiya ko mai tallan goro, ku bi shi daga farko zuwa ƙarshe. A bayan hoto na'ura ta fi yin sakaci. Na uku, ku tsayar da bidiyon ku karanta duk rubutun da ke ciki, allon shago ko lambar mota, domin sau da yawa haruffa ne marasa ma'ana. Ku duba kusurwa kuma, wasu manhajojin suna sa tambarinsu, kuma wurin da aka shafe ko aka rufe da wani abu alama ce. Na huɗu, ku tambayi kanku: wannan wuri na san shi? Ina masallacin da ke gefen titin, ina gidan man?

Wani zai ce mana, ai waɗannan alamu suna ɓacewa, manhajojin bana sun fi na bara, har yatsun hannu da aka san su da ɓatawa sun fara daidaita su. Gaskiya ne, kuma za mu ƙara masa da wata. Tsawo ba shaidar gaskiya ba ne. A Mayun 2025 an yaɗa bidiyon minti 36 na Fafaroma Leo na 14 yana yabon shugaban Burkina Faso, Ibrahim Traoré, fadar Vatican ta fito ta ce ƙarya ne. Wannan ba daga rubutu aka haɗa shi ba, bidiyo na gaske aka ɗauka aka sauya murya da motsin leɓe. Haka kuma gajarta ba shaidar ƙarya ba ce, wanda ke cikin firgici yakan ɗauki sakan 6 ya ruga. Don haka ƙirgen sakan ba hukunci ba ne, ƙararrawa ce da ke cewa a dakata. Hukuncin yana wurin asali: wa ya ɗauka, yaushe, kuma akwai wani da ya ɗauki abin daga wani ɓangare? Abin da ya faru da gaske a bainar jama'a, wayoyi da yawa ne ke ɗaukarsa, kuma kana iya kiran ɗan uwanka da ke can ka tambaye shi.

Ba mu ce a guji wannan fasaha ba. Guntun sakan 8 ya isa malamin kimiyya ya nuna yadda iri ke tsirowa, muddin ya duba ya tabbatar na'urar ba ta yi shirme ba. Amma muna roƙon duk ɗalibin da ya haɗa irin wannan bidiyo ya rubuta a jikinsa cewa na'ura ce ta yi, kuma kada ya sa fuskar malami ko ɗan ajinsu ba da izininsu ba. Malamanmu na kwamfuta kuma muna roƙonku ku ware darasi guda, a kawo bidiyo biyu, na gaske da na na'ura, a bar aji ya ƙirga, ya bi abin da ke baya, ya faɗi hujjarsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A zamanin nan, gani ma sai an tambaye shi daga ina ya fito.

Mu haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.