Daga "Kamar Roba" Zuwa "Roba Ce": Yadda Ya Dace a Gyara Jita-jita a Ƙasan Hoto

A shekarar 2023 wani faifan bidiyo ya zagaya wayoyin jama'a a Nijeriya. A cikinsa an ga wata mata tana wanke garin Semovita da ruwa a cikin rariya, har wani abu mai danƙo ya rage, ta ce wannan roba ce aka zuba a cikin abincin mutane. Hukumar NAFDAC ta fitar da sanarwa cewa bincikenta bai gano roba a cikin garin ba, kuma abin da ya rage a rariyar sinadarin gina jiki ne da alkama ke ɗauke da shi tun asali. Ta kuma tunatar da cewa an taɓa yaɗa irin wannan faifai a shekarar 2020. Dawowar zancen bayan shekara uku ta isa ta sa mai nazarin harshe ya tambayi kansa: wane irin furuci ne ke kashe jita-jita, wane ne kuma ke kwantar da ita na ɗan lokaci kawai?

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ɗan bayanin da ake rubutawa a ƙasan hoto domin gyara irin wannan zance ba ya yin tasiri sai ya fara amincewa da abin da idon mutane ya gani, sannan ya ba abin sunansa na gaskiya. Fushi ba ya iya wannan aiki, domin mai fushi musun komai yake yi, har da abin da ya faru a zahiri.

Ya kamata a fara da gane inda ƙarfin jita-jitar yake. Matar da ke cikin faifan ba ta ƙirƙiri abin da ta nuna ba. Duk wanda ya kwaɓa garin alkama ya wanke shi zai sami wannan danƙo. Mafi yawan garin sitaci ne, wanda ruwa ke kwashewa ya koma fari fat. Wajen kashi ɗaya cikin goma, ko sama da haka kaɗan, sinadaran gina jiki ne, kuma mafi yawansu idan suka jiƙa aka murza su sai su sarƙe da juna su zama gulutin. Gulutin ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa yake tsayawa a rariya. Shi ne kuma ke sa kwaɓin funkasau ya riƙe iska ya tashi, ya sa taliyar murji ta miƙe ba tare da ta tsinke ba. Ke nan mai kallon faifan yana da hujjar da Bahaushe ya fi girmamawa, wato gani ya kori ji. Duk wanda ya zo masa da "ƙarya ne" tsagwaronta, ya nemi ya fifita ji a kan gani, kuma ba zai yi ba.

Kuskuren yana cikin suna ne. Kalmar "roba" a Hausa tana ɗaukar abubuwa da yawa: robar ɗaure kaya mai talewa, robar cin abinci mai tauri, da takalmin roba. Saboda haka duk abin da ya tale ya koma, Bahaushe zai ce "kamar roba", kuma ya faɗi daidai. Jita-jita tana haihuwa ne a lokacin da kalmar "kamar" ta faɗi a hanya, kamantawa ta rikiɗe ta zama tabbatarwa. Na farko ya ce abin yana talewa kamar roba, na biyu ya ce wai roba ce, na uku ya yar da "wai" ɗin ma. Aikin mai gyara shi ne ya mayar da "kamar" gurbinta, ya kuma kawo sunan da zai maye gurbin "roba" a bakin mutane.

A ɗauka, a matsayin misali, wata mai sayar da kayan masarufi ce ta ga ciniki ya ja baya saboda wannan zance, ta sa hoton buhun gari ta rubuta a ƙasansa: "Ƙarya ce tsagwaronta! Babu roba, babu roba a kayanmu. Mahassada da jahilai ne ke yaɗa wannan, kuma Allah ya isa." Wannan rubutu yana da illa uku. Ya maimaita kalmar "roba" sau biyu a gefen hoton kayan, bai kuma kawo wata kalma da za ta ture ta ba. Ya zagi mai saye, domin uwar gidan da ta tura faifan ga ƙanwarta tsoro ne ya sa ta, ba hassada ba, kuma ita ce ake so ta dawo ta saya. Na uku, ya buɗe ƙofar wata fassara da al'ada ta riga ta tanada: tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Mai karatu zai ce ruwa ba ya tsami banza, da ba a taɓa wani abu ba da ba a yi wannan kumfar baki ba.

Ga yadda wannan mata za ta iya rubutawa a ƙasan hoton nan:

"Abin da kuka gani a faifan nan gaskiya ne: idan aka wanke garin semo, wani abu mai danƙo yakan rage. Sunansa gulutin, wato danƙon alkama, shi ne ke sa funkasau ya tashi. Ku gwada a gida: ku kwaɓa gwangwani ɗaya na fulawa ko alkamar da kuka niƙa da kanku, ku bar kwaɓin minti 30, ku wanke shi a ruwa, za ku ga danƙon. Ku gwada da garin masara, ba za ku gan shi ba. Hukumar NAFDAC ta bincika, ta ce ba ta sami roba ba. Mai tambaya ya zo, muna maraba."

Tsarin jimlolin ba na ganganci ba ne. Jimlar farko ta tsaya tare da mai karatu, ta ce masa idonsa bai yaudare shi ba, saboda haka ba ya buƙatar kare kansa. Ta biyu ta raɗa wa abin suna, kuma ba ta tsaya ga baƙuwar kalma ba. "Gulutin" kaɗai zai iya ƙara tsoro, domin kunnen da bai saba da ita ba zai ji ta kamar sunan wani sinadarin masana'anta. "Danƙon alkama" kuwa ya mayar da abin madafa, inda kowace mai girki ta san shi da hannunta. Sai gwajin, wanda shi ne ƙashin bayan rubutun: an mayar wa mai karatu da gani ya kori ji, amma wannan karon ganin yana ɓangaren gaskiya. Alkamar da mutum ya kai inji da kansa ba ta bi ta wata masana'anta ba, don haka idan ta fitar da danƙo, zargin ya rushe. Garin masara kuma shi ne ma'auni, tun da masara da gero da shinkafa ba su da gulutin. Wanda ya so ya ƙara tabbatarwa ya ajiye danƙon a jiƙe na 'yan kwanaki, zai ga ya yi tsami ya ruɓe, abin da roba ba ta yi. Sunan hukuma ya zo daga baya, a matsayin ƙarin shaida, kuma kalmar "roba" ta fito sau ɗaya tak, bayan an riga an cike gurbinta.

Za a iya cewa wannan sanyin hali rauni ne, kuma wanda aka ɓata wa sana'a yana da haƙƙin ya nuna ɓacin ransa. Haƙƙin yana nan, kuma idan akwai mai ƙage da gangan, kotu da hukuma suna nan domin sa. Sai dai rubutun ƙasan hoto ba da mai ƙagen yake magana ba. Masu karanta shi su ne ɗimbin mutanen da ke tsakiya, waɗanda ba su yanke hukunci ba tukuna. Ga waɗannan, sautin rubutu shi kansa shaida ne. Wanda ya ce "ku gwada da kanku" ya nuna ba ya tsoron sakamakon, wanda ya ce "Allah ya isa" kuwa ya rufe ƙofar tambaya.

Amma natsuwa tana da sharaɗi, wato kada a faɗi fiye da abin da aka tabbatar. A watan Disamba na 2016 jami'an kwastam a Legas sun kama buhu 102 na shinkafar da aka ce ta roba ce. Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya bayyana cewa gwaji bai nuna roba ba. Daga baya NAFDAC ta ƙara da cewa shinkafar tana ɗauke da ƙwayoyin cuta fiye da ƙima, don haka ba ta dace da ci ba. Jita-jitar ƙarya ce, amma kayan ma ba su da kyau. Da wani ya yi gaggawar rubuta "shinkafar lafiya lau take", da ya gyara ƙarya da wata ƙaryar. Haka ma a batun semo, bai dace a rubuta cewa gulutin ba ya cutar da kowa ba, domin akwai masu larurar hanji da ba sa jure shi, waɗanda likita kan hana su cin alkama. Gwajin gida kuma bayanin danƙon kawai yake yi, ba ya tabbatar da tsabtar kowane buhu da ke kasuwa. Wannan aikin ɗakin gwaji ne. Rubutu nagari yakan tsaya a kan zargin da aka yi, ya amsa shi, ya yi shiru a kan abin da bai auna ba.

A nan ne masana Hausa ke da aiki na musamman. Sanarwar hukumomi galibi da Ingilishi take fitowa, jita-jita kuwa da harshen gida take yawo, a murya, daga waya zuwa waya. Idan aka fassara sanarwa kalma da kalma, sai ta iso cike da sunayen sinadarai waɗanda ba su da hoto a zuciyar mai sauraro, alhali "roba" tana da hoto ƙarara. Wanda ya san cewa "kamar" ce ta faɗi, ya kuma san cewa mai yin funkasau ta riga ta san danƙon alkama, shi ne zai iya rubuta layuka biyar da za su yi gogayya da faifan bidiyo. Ya dace sassan Hausa su riƙa ba ɗaliban fassara irin wannan aiki: a miƙa musu sanarwar hukuma mai shafi guda, a ce su mayar da ita rubutun ƙasan hoto da bai wuce jimla shida ba, wanda ya amince da abin da aka gani, ya raɗa masa suna, ya ba da gwaji, bai zagi kowa ba, bai kuma yi alkawarin abin da ba a auna ba.